Me ya sa sabon tsari ke mutuwa a ofis bayan wata uku? Narkarwa, sauyawa da sake daskarwa

Duk wanda ya taɓa aikin ofis a Katsina, na gwamnati ne ko na kamfani ko makarantar kuɗi, ya san wannan labarin. Oga ya je taro Abuja ya dawo da sabon tsari, a sayo kwamfuta, a kira mai horarwa ya yi kwana biyu yana bayani ana shan lemo, a liƙa takarda a allon sanarwa cewa daga ranar Litinin kaza za a riƙa yi, sati na farko kowa ya bi, sati na uku rabi su bi, kafin wata uku ka shigo ka tarar an rufe kwamfutar da ɗankwali saboda ƙura kuma tsohon littafin nan mai baƙar bango ya dawo kan tebur. Sai a ce ai ma'aikatanmu ba su son ci gaba. Ni a ganina yawanci ba nan matsalar take ba, aikin mataki uku ne aka yi na tsakiya kawai aka bar na farko da na ƙarshe.

Wanda ake danganta wa wannan tunani shi ne Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a 1890, ya bar Jamus ya koma Amurka a 1933 lokacin da Hitila ya hau mulki, ya rasu a 1947. A wani rubutu nashi da ya fito a shekarar da ya rasu ya ce sauyin da zai ɗore a cikin jama'a yana da matakai uku, a narkar da halin da ake ciki, a matsa zuwa sabon hali, sannan a daskarar da shi a can. Shi kanshi a taƙaice ya faɗe shi, waɗanda suka zo bayanshi ne suka faɗaɗa abin har ya zama darasin da ake koyarwa a kwasa-kwasan gudanarwa. Hoton kuma mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara lokacin azumi: in ƙanƙara ta daskare a leda kana so ta ɗauki siffar kofi, in ka danna ta da ƙarfi fashewa za ta yi, sai dai ka bari ta narke, ka juye ruwan a kofin, ka mayar firiza. In ka juye ka manta ba ka mayar ba, ruwa ne kawai gare ka, wanda ya gitta ya ture shi.

Amma abin da ya fi hoton ƙanƙarar amfani shi ne dalilin da ke ƙarƙashinshi. Lewin ya ce yadda ake aiki a wuri ba a tsaye yake don ba abin da ke motsa shi ba, a tsaye yake don ƙarfi biyu ne ke turereniya suka yi kunnen doki, akwai abubuwan da ke tura mutane su canza, akwai masu riƙe su. In kana son abu ya matsa, ko ka ƙara turi ko ka rage abin da ke riƙewa. Oganninmu ƙara turi suka sani, kuweri, barazanar yanke albashi, faɗa a gaban mutane. Lewin kuma ya lura cewa in ka ƙara turi kawai, ɗaya ɓangaren ma ƙara dagewa yake, wurin ya cika da zaman ɗarɗar, ranar da ka sassauta komai ya koma inda yake. In kau ka cire abin da ke riƙe mutane, da kansu suke matsawa. Sannan ya ƙara da cewa ɗabi'ar aiki ba a kan mutum ɗaya take zaune ba, a cikin rukuni take. Lokacin yaƙin duniya na biyu an so matan Amurka su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda saboda ƙarancin nama (mu nan abin dariya ne, mai tsire ma tsada yake saka masu). Wasu matan aka yi masu lacca mai kyau, wasu aka zaunar da su suka tattauna tsakaninsu suka yanke shawara a gaban juna. Da aka bi sawu, kashi 3 cikin 100 na 'yan lacca ne suka dafa, na 'yan tattaunawa kashi 32. Bayani ɗaya ne aka ba su fa.

Toh bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata makarantar kuɗi ce a wajen Ƙofar Kaura, firamare da ƙaramar sakandare, ɗalibai 600, mai makarantar Hajiya ce. A ofishin kuɗi akwai basa, dattijo da ya kai shekara goma sha biyar a wurin, da akawu biyu matasa. Yadda ake yi tun fil azal: uba ya zo da kuɗi a hannu, a rubuta mashi rasit mai kabon, da yamma a kwafe a babban littafi, kuɗin su kwana a dirowa, wani lokaci a kai banki wani lokaci a kashe su nan take. Hajiya na so daga sabuwar shekarar karatu kowa ya biya ta banki ko ta na'urar POS da ke ofis, kowane yaro a ba shi lamba, a riƙa shigar da komai a shafin lissafi na Excel a kwamfuta.

Kafin a taɓa komai, a samu farar takarda a raba ta biyu. Gefen masu turawa ba wuya: lissafin ƙarshen zango na cin sati biyu, an taɓa koro yaro gida alhali ubanshi ya biya har aka yi rigima a bakin get, kuɗi na kwana a ofis ga tsoron ɓarayi. Gefen masu riƙewa shi ne ke son natsuwa, don ba wanda zai faɗa maka su a taro. Basa bai iya kwamfuta ba, kuma abin da ya fi damun shi ba koyon ba ne, a ce yaron da shi basan ya girmi ubanshi ne zai tsaya kanshi yana cewa ba nan za ka danna ba. Bayan wannan akwai alfarma. A tsohon tsari uba zai shigo ya ce Malam a ɗaga mani ƙafa zuwa albashi, basa ya ce ba komai Alhaji, yaro ya ci gaba da zuwa, wannan ikon shi ne mutuncinshi a unguwa, da shi ake gaishe shi a masallaci, sabon tsari kuma a yadda aka zana shi ya ƙwace wannan ba tare da kowa ya lura ba. Sai dirowa, daga cikinta ake sayen man janareta da alli da ruwan leda, daga cikinta malami ke rantar dubu biyar kafin ƙarshen wata. Sai iyayen da ke shigowa daga ƙauyukan Batagarawa waɗanda kuɗinsu a aljihu yake. Na ƙarshe wanda ba a so a rubuta, ita kanta Hajiyar takan aiko direba ya karɓo dubu hamsin daga dirowar in wani uzuri ya taso.

Ka ga in ka kalli wannan jerin, horon kwana biyu abu ɗaya tak ya taɓa a ciki, shi ma rabi.

Narkarwa ita ce aikin da za a yi kan wannan jeri, kuma lokacinta zango na uku ne, ba ranar da aka dawo hutu ba. Edgar Schein, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka kuma ya fi kowa faɗaɗa wannan mataki, ya ce abu uku ake so su haɗu. Mutane su ga hujjar da ke nuna yadda suke yi ba ya kai su, hujjar ta dame su har su ji lallai sai an yi wani abu, sannan su samu kwanciyar hankalin cewa koyon sabon ba zai kunyata su ko ya raba su da abincinsu ba. Ya ce tsoro biyu ne ke kokawa, tsoron abin da zai faru in ba a canza ba da tsoron koyo, kuma maimakon ka yi ta hura na farko gara ka rage na biyun.

A makarantarmu hujjar ba Hajiya ce za ta karanto ta ba. Ta ce wa su ukun su ɗauki aji ɗaya kawai su haɗa lissafinshi na zangon da ya wuce da hannunsu. A ce yara 40 ne, kowa naira 30,000, cikakken kuɗi 1,200,000 ke nan. Suka tara kabon ɗin rasit suka samu 1,050,000, wannan ba matsala, sauran bashi ne da aka sani. Suka duba babban littafi suka ga 985,000. Ina 65,000? Sai a yini ana nema, a gano rasit biyu da ba a kwafe ba ranar da aka yi cunkoso, da wani biyan rabi da aka rubuta a sunan ƙanen yaron, da wata dubu goma da aka sayi mai ba a rubuta ba. Ba wanda ya ci ko sisi, amma aji ɗaya ya ci yini guda, kuma azuzuwa goma sha biyar ne. A nan ake so Hajiya ta kame bakinta, don in ta ce kun gani ko, dama na faɗa, ta mayar da abin tuhuma, daga nan kowa kare kanshi zai shiga yi. Tambaya kawai za ta yi, in da wani uba ne ya kai mu ƙara kan wannan, da me za mu nuna?

Sai ɓangaren kwantar da hankali, shi kuma da aiki ake yin shi ba da daɗin baki ba. Ta faɗa a fili cewa ba wanda za a sallama saboda wannan tsari, kuma kurakuran baya da aka gano an yafe. Ta kira basa su biyu, ta ce Malam, kai ka san iyayen nan ni ban san su ba, ya za mu yi da masu neman a jira su? In ya ce ranki ya daɗe ai ba a raba mutane da alfarma, in aka ce sai an biya duka rana ɗaya rabin makarantar nan za su tafi, gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne za a gyara tsarin tun a takarda: a yi ɗan fom na biya kashi-kashi, shi ne mai sa hannu, a rubuta ranar alkawari. Ikonshi na nan, an dai fito da shi fili. Koyon kwamfutarshi kuma a yi shi lokacin dogon hutu, da wani daga waje, ba a gaban yaranshi ba. Dirowa a maye gurbinta da kuɗin kashewa na musamman, a ce 100,000 a wata, duk abin da aka cire a rubuta bauca. Iyaye a sanar da su a taron iyaye da malamai tun kafin hutu, wanda ya zo da kuɗi a hannu a nuna mashi mai POS na bakin titi ya tura, ya kawo takardar.

Ta ya za ka san an narke? Ka saurari irin tambayoyin. Muddin ana cewa wai me ya sa, ina laifin yadda muke yi, da saura. Ranar da akawu ya ce to in netwok ya ɗauke ranar da layi ya kai get fa, ya za mu yi, ya riga ya shiga sabon tsarin a kanshi. Alamar da ta fi haɗari ita ce shiru da to ranki ya daɗe, Allah ya sa albarka. Mu Hausawa ba mu cika musu da babba a gabanshi ba, sai ka ɗauka an yarda, alhali an bar ka ne ka gaji.

Matakin tsakiya shi ne wanda kowa ya sani, don haka ba zan daɗe ba. A fara da ɓangare ɗaya, a ce ƙaramar sakandare, firamare ta jira zango na gaba. Shafin ya zama mai sauƙi, lamba, suna, aji, abin da aka biya, rana, saura. A riƙa cika shi kafin a tashi, duk Alhamis a gwada shi da bayanin asusu na banki. Abu biyu ne ke kayar da mutane a nan. Na farko aiki sai ya yi baya kafin ya yi gaba, akawun da ke rubuta rasit cikin minti ɗaya yanzu zai ci minti huɗu yana neman harafi, layi ya yi tsawo, iyaye su fara tsaki, in ba a faɗa wa kowa tun farko cewa haka za ta faru ba, a satin nan ne wani zai ce don Allah a ɗauko littafin nan mu rage mutane. An ga irin wannan a wata masana'antar ɗinkin kayan barci ta Harwood a jihar Bajiniya ta Amurka, inda mutanen Lewin suka yi bincike aka buga a 1948: duk wanda aka canza wa aiki sai da ya yi ƙasa da farko, amma waɗanda aka tsara canjin tare da su sun farfaɗo da sauri har suka wuce inda suke da, waɗanda aka sanar da su kawai suka zauna a ƙasa, wasu ma suka bar aikin.

Na biyu, matsalolin da ba wanda ya hango. Kuɗi za su shigo asusu, 90,000, da sunan wani mai POS, ba lambar yaro ba komai, ashe uba ne ya biya wa 'ya'ya uku a dunƙule. Wani zai nuna alat a waya kuɗin ba su shigo ba, ko dai netwok ne ko na bogi ne. Waɗannan ba alamar tsarin ya gaza ba ne, su ne aikin wannan matakin, a zauna minti goma sha biyar duk ƙarshen sati a yanke ƙa'ida ɗaya-ɗaya: ba a shigar da biya sai an gan shi a asusun makaranta ba a wayar uba ba, kuɗin da ba a san mai su ba a ajiye su a shafi na daban har a kawo takarda. Kuma in za a riƙe tsohon littafi tare da sabon tsari na ɗan lokaci don kariya, a sa ranar dainawa tun yau. Tsari biyu da ke tafiya tare ba ranar rabuwa, tsohon ne ke cinyewa, don shi hannu ya saba da shi.

Yanzu daskarwa, inda aka fi yin asara. Mun ga misalinta a ƙasa baki ɗaya. Farkon 2023, bayan an canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace, mai shayi da mai kayan miya a babbar kasuwa sai da suka koyi karɓar taransifa, narkarwa ta dole ke nan. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, takarda ta dawo hannu, wasu suka koma sai kash kawai, wasu kuma har yau lambar asusunsu na liƙe a jikin teburi. Wanda ya ga sabon ya fi mashi sauƙi ya zauna a kai, wanda tsoro ne kawai ya kai shi ya dawo da tsoron ya wuce.

A ofis daskarwa tana nufin a mayar da sabon hanya mafi sauƙi, tsohon kuma a toshe shi. A tattara littattafan rasit na da, a ƙirga, a kulle a ofishin Hajiya, kar a sake bugo wasu. Rahoton da take nema duk sati ya zama wanda daga shafin nan kawai zai iya fitowa, in ta ci gaba da tambayar basa da baki nawa muka samu yau, ta nuna mashi cewa shafin ado ne. Jerin yaran da ake bi bashi da ake ba malaman aji daga can za a buga shi. A rubuta matakan a takarda ɗaya a liƙa, sabon akawu da za a ɗauka kar ma ya san an taɓa yin wani tsari. A samu aƙalla mutum biyu da suka iya, don in mutum ɗaya ne ya riƙe abin, ranar da ya samu aikin gwamnati tsarin ya bi shi. Sannan a nuna wa mutane ribar da idonsu, lissafin da ke cin sati biyu ya ƙare a yini biyu, a faɗa a taron malamai, a ambaci basa da sunanshi.

Sai babbar jarabawar, wadda ba ta ma'aikata ba ce. Wata ranar Laraba direba zai shigo ya ce Hajiya ta ce a ba da dubu hamsin, ko wani babban mutum abokin maigidanta ya zo da kuɗin 'ya'yanshi a ambulan ya ce shi ba ya bin layin POS. In aka karɓa sau ɗaya, duk ofishin ya gane cewa dokar ta ƙananan mutane ce, kuma dirowa ta dawo aiki. Abin da ya kamata a tanada tun farko shi ne hanyar girmama irin wannan baƙo ba tare da karya tsarin ba, a zaunar da shi a kawo ruwa, masinja ya ruga ya saka kuɗin a asusu ya dawo da takarda. Ita kuma Hajiya in tana son kuɗi ta cira daga banki kamar kowa. Ba za ka ce abu ya daskare ba sai ya wuce satin farko na zango na biyu, ya wuce ranar da netwok ya ɗauke tun safe, ya wuce lokacin da Hajiya ta tafi Umara ba mai leƙowa.

Akwai masu sukar tsarin, kuma suna da abin faɗa. Suna cewa yanzu canji ba ya jira ka gama ɗaya, kana cikin wannan banki ya canza manhaja, gwamnati ta fito da sabuwar ƙa'ida, yaushe za ka daskare? Ni dai ina ganin sun ɗauki daskarwa kamar ana nufin har abada, alhali zango biyu ko uku na zama a kan abu ɗaya ake nema don hannu ya saba, ofishin da ake canza wa tsari duk wata ma'aikatanshi koyon jira suke, sun san wannan ma zai wuce. Inda na fi yarda da masu sukan shi ne tsarin ba ya gaya maka ko canjin da ka ɗauko mai kyau ne, za ka iya bin matakan nan tsaf ka daskarar da shirme, shi ya sa gwaji a ɓangare ɗaya ke da amfani kuma bai kamata a yi saurin kulle tsofaffin littattafai ba kafin ƙa'idojin su zauna. Haka nan yana ɗauka cewa masu turjiya tsoro ne ko sabo ke riƙe su. In a lissafin ajin nan an gano 65,000 ɗin aljihun wani suka shiga, kuma duk zango haka ake yi, to wannan ba zaman tattaunawa zai gyara shi ba, mai binciken kuɗi za a kira daga waje, a raba mai karɓa da mai rubutawa, sannan a dawo maganar narkarwa da sauran ma'aikatan.